Milimita Biyu da Rabi: Yadda Ake Sa Rubutun Zanen Gini Ya Karantu a Kowace Takarda

Magini ba ya aiki da kyawun zane, da lamba yake aiki. Idan aka miƙa masa takardar filan, idonsa kan lambobin nan da ke jere a gefen bango yake sauka, don su za su gaya masa inda zai kafa turke ya ja igiya. Sau da yawa kuwa takardar takan iso masa da layuka tsaf-tsaf, amma lambobin sun ƙanƙance har ba a bambance 3 da 8, ko kuma sun yi girman da suka hau kan juna suka rufe ƙofar banɗaki. Mai zanen zai rantse cewa a kwamfutarsa komai lafiya lau yake, kuma gaskiya ya faɗa. Matsalar ba ta bayyana sai zane ya bar kwamfuta ya hau takarda.

Tushen abin yana cikin yadda manhajar AutoCAD take aiki. Wannan manhaja ta kamfanin Autodesk, wadda ta fara fitowa a 1982, tana da wurare biyu. Na farko shi ne `Model`, inda ake zana gini da ainihin girmansa: bango mai tsawon mita goma sha biyu ana jan sa a matsayin milimita 12000, ba a rage komai. Na biyu shi ne `Layout`, wato hoton takardar da za a buga. A kan wannan takarda ake buɗe taga, wadda manhajar ke kira `Viewport`, a leƙo ginin ta cikinta a ƙanƙance shi. Yawan ƙanƙancewar shi ne sikeli. Idan aka ce 1:100, ana nufin kowace milimita ɗaya a takarda tana wakiltar milimita ɗari a fili.

To, taga ba ta san bango daban, rubutu daban ba. Duk abin da ta leƙo sai ta ƙanƙance shi daidai wa daida. Bango kuwa dole ya ƙanƙance, amma rubutu bai kamata ba, domin idon mai karatu ba ya canzawa daga wannan shafi zuwa wancan. Girman bango daga fili yake zuwa, girman rubutu daga takarda. Duk wani saiti da za mu bi a nan hanya ce ta sanar da manhajar wannan bambanci.

Saboda haka tambayar farko ita ce: milimita nawa ake so harafi ya kai idan an ɗora rula a kansa bayan an buga? Ƙa'idar rubutun zane ta duniya, ISO 3098, ta jera tsayin haruffa kamar haka: 1.8, 2.5, 3.5, 5, 7, 10 zuwa sama. A aikin gini na yau da kullum, 2.5 ne na lambobin awo da ƙananan bayanai, 3.5 na sunayen ɗakuna, 5 ko 7 na kanun zane. Ana iya sauka zuwa 1.8 idan wuri ya ƙure, amma ni dai ba na so, don takardar wurin gini tana shan ƙura da siminti da naɗewa, ga shi ba kowane birkila ne ke yawo da tabarau ba.

Mu ɗauki gida guda mu bi shi har ƙarshe. Fili ne irin wanda aka saba yankawa a garuruwanmu, ƙafa hamsin a ƙafa ɗari, wato milimita 15240 a 30480. A ciki za a gina gida mai faɗin 12000 da tsawon 18000, da bulo mai inci tara, wanda a zane ake rubuta kaurinsa 225. Za a buga komai a takardar A3, mai girman milimita 297 a 420. Ana buƙatar zane uku: na filin gaba ɗaya a 1:200, na tsarin ɗakuna a 1:100, da na yankan fandisho a 1:20 don a ga zurfin rami da kaurin kankare. A 1:100 gidan zai fito milimita 120 a 180, ya zauna a takardar da sauran wuri na lambobi.

Idan mai zane ya rubuta lamba mai tsayin 2.5 a cikin `Model`, tagar 1:100 za ta mayar da ita 0.025 na milimita, wanda ko ɗigo bai kai ba. Domin ta fito 2.5 a takarda, sai an ninka ta da sikelin:

```
1:200   2.5 x 200 = 500
1:100   2.5 x 100 = 250
1:20    2.5 x 20  = 50
```

Ga inda rikicin yake. Rubutun da aka yi wa tsayi 250 don zanen ɗakuna, idan ya leƙo ta tagar 1:20 zai fito milimita 12.5, ƙato kamar na allon talla. Shi ɗin dai a tagar 1:200 zai koma 1.25, sai an runtse ido. Shekara da shekaru masu zane suna magance wannan da hannu: salon awo daban ga kowane sikeli, kowanne a kan nasa `Layer`, sannan a kowace taga a ɓoye waɗanda ba nata ba. Hanyar tana aiki, har yanzu ma akwai ofisoshin da ke bin ta, amma tana sa a rubuta awo guda sau biyu ko uku, kuma duk abin da aka rubuta sau uku wata rana za a gyara biyu a manta ɗaya. Daga fitowar AutoCAD 2008 aka samu abin da ake kira `Annotative`, inda mai zane zai faɗi tsayin da yake so a takarda, manhajar ta riƙa yin ninkin da kanta.

Ana fara aikin tun daga buɗe sabon fayil. Wanda zai yi zane da milimita ya zaɓi `acadiso.dwt`, domin shi ne ke zuwa da salon awo `ISO-25` mai tsayin rubutu 2.5. Ɗan'uwansa `acad.dwt` na masu aiki da inci ne, tsayin lambarsa 0.18, kuma jerin sikelinsa cike yake da na inci da ƙafa. Ɗalibai da dama sukan soma da shi ba su lura ba, sai su yi ta mamakin inda lambobinsu suka shige.

Daga nan sai salon rubutu, da umarnin `STYLE`. Kada a taɓa wanda ake kira `Standard`, a ƙirƙiri sababbi, domin kowane fayil a duniya yana da nasa `Standard`, kuma idan aka kwafo zane daga wani fayil zuwa wani, na fayil ɗin da aka shiga ne ke rinjaye. A gidan namu salo biyu sun isa a fara. Na farko mu sa masa suna `BAYANI`: a danna akwatin `Annotative`, a rubuta 2.5 a gurbin `Paper Text Height`. Da shi za a rubuta bayanai irin su kaurin kankare da nau'in rodi. Na biyu mu kira shi `AWO`, shi ne lambobin awo za su yi amfani da shi, kuma tsayinsa a bar shi a 0.

Wannan sifiri ya cancanci a tsaya a kansa, don nan ne mutane suka fi faɗawa. Salon awo yana da nasa gurbin tsayin rubutu. Amma idan salon rubutun da aka ba shi ya riga ya zo da tsayayyen tsayi, to wannan tsayin ne ke danne na salon awo. Sai ka ga mutum ya canza sikelin awo daga 1 zuwa 100, kibiyoyi sun girma, tazarar layuka ta buɗe, amma lambobi sun tsaya cik yadda suke. Ya koma ya ƙara tsayin rubutu a salon awo, ko dai gurbin ya ƙi karɓa ko ya karɓa ba a ga canji ba. Duk wanda ya ga wannan alama, kibiya na motsi lamba ba ta motsi, kada ya wahalar da kansa a wani wuri. Ya koma `STYLE` ya duba tsayin, zai tarar da wata lamba a inda ya kamata a ga 0.

Zaɓin fasalin haruffa ma yana da nasa tasiri. Akwai tsofaffin na manhajar masu ƙarewa da `.shx`, kamar `romans.shx` da `simplex.shx`, waɗanda da siririn layi ɗaya ake zana su, kaurinsu kuma ya dogara da kaurin layin da aka ba su wajen bugawa. Akwai kuma irin na Windows kamar Arial, masu cikakken jiki. A tsayin 2.5 duka biyun suna karantuwa, muddin ba a bai wa na `.shx` layi mai kauri ba: 0.18 ko 0.25 ya wadatar, idan aka kai 0.5 cikin 6 da 8 da 9 zai toshe. Abin gudu shi ne haruffan ado da aka sauko da su daga wani wuri, domin idan fayil ya je kwamfutar da ba ta da su, manhajar za ta musanya su da wani, galibi `simplex.shx`, faɗin kalmomi ya canza, rubutu ya fita daga gurbinsa. Mai son rubuta sunayen ɗakuna da Hausa kuma ya gwada ƙ da ɗ da ɓ tun da wuri, don tsofaffin `.shx` sukan nuna alamar tambaya a madadinsu.

Yanzu sai salon awo, da umarnin `DIMSTYLE`. A danna `New`, a ɗauko daga `ISO-25`, a sa masa suna, mu ce `GINI`. Ƙa'idar cika gurabensa ɗaya ce: duk lambar da za a rubuta, girman takarda ce, ba a ninka ta da komai. A shafin `Text` a zaɓi salon `AWO`, tsayi 2.5, lamba ta zauna a saman layi, da tazarar milimita 1 tsakaninta da layin. Ainihin `ISO-25` 0.625 yake bayarwa, amma a firinta mai zubar da tawada lambar takan manne da layi. A shafin `Symbols and Arrows` masu zanen gini sun fi son ɗan karkataccen tsinken nan `Architectural tick` a kan kibiya, don ba ya cin wuri. Girmansa 2 ko 2.5. A shafin `Primary Units` a mayar da `Precision` zuwa 0, tunda ba wanda zai auna rabin milimita a jikin bulo, kuma kowane sifiri na banza faɗin lamba yake ƙarawa. Sai a je shafin `Fit` a danna `Annotative`.

A shafin `Primary Units` ɗin akwai wani gurbi mai suna `Scale factor`, wanda ya fi duk sauran hatsari. Sunansa yana yaudarar mai neman ƙara girman rubutu, alhali ba girman lamba yake canzawa ba, ita kanta lambar yake canzawa. Idan aka sa masa 100, ɗaki mai faɗin 3600 zai nuna 360000. Wannan da sauƙi, kowa zai gane shirme ne. Mai ban tsoro shi ne wanda ba ya kama da shirme. Wasu sukan kwafi yankan fandisho su ninka girmansa sau biyar a cikin `Model` don ya fito a takarda ɗaya da filan, sai su sa 0.2 a gurbin don lambobi su dawo daidai. Idan aka manta aka auna wani sashe na filan da wannan salo, ɗakin 3600 zai nuna 720, tagar 1200 ta nuna 240, kuma lambobi ne da ido zai iya wucewa bai tsaya ba. Gurbin nan a bar shi a 1. Ana duba shi da rubuta `DIMLFAC` a layin umarni, kuma yana da kyau a duba shi a duk fayil ɗin da aka karɓo daga hannun wani.

An gama saiti, saura aiki da shi. A ƙasan allo ta hannun dama akwai wurin zaɓar sikelin rubutu na yanzu, wanda a layin umarni sunansa `CANNOSCALE`. Kafin a fara auna ɗakuna a sa shi a 1:100. Duk awon da aka ja da salon `GINI` zai fito da tsayin 250 a `Model`, kuma zai riƙe shaidar cewa shi na 1:100 ne. Idan aka zo fandisho, a mayar da sikelin 1:20 sannan a ja awonsa, su kuma su fito da tsayin 50. A takarda duk 2.5 ne.

Abin da ke rikita sababbin hannu shi ne cewa kowane awo sikelin da aka haife shi da shi kaɗai ya sani. Ka buɗe tagar 1:200 don zanen fili, sai ka ga gida tsirara ba lamba ko ɗaya, ko kuma ka gan su amma ƙanana. Ba ɓata suka yi ba. Akwai wani saiti, `ANNOALLVISIBLE`, wanda idan yana 0 yake ɓoye duk rubutun da bai san sikelin tagar ba, idan yana 1 kuma ya nuna shi da girman da ba na tagar ba. A shafin da za a buga, 0 ne daidai. Sannan a zaɓi awon da ake so su bayyana a zanen fili, wato jimillar faɗi 12000 da jimillar tsawo 18000, a rubuta `OBJECTSCALE`, a ƙara masu 1:200. Yanzu waɗannan biyun suna da fuska biyu, amma awo ɗaya ne: idan aka matsar da bango, lambar za ta canza a zanukan biyu lokaci guda. Kowace fuska kuma ana iya matsar da ita ita kaɗai, don layin awon da ya zauna daidai a 1:100 yakan matse da bango a 1:200. Idan fuskokin suka warwatse, `ANNORESET` zai dawo da su wuri ɗaya.

A ganina wannan ɓoyewar ita ce babbar ribar tsarin, ko da yake mutane da yawa aibi suke ɗaukar ta. Dubi kaurin bangon nan 225. A 1:20 yana fitowa milimita 11.25, lambar ta zauna a tsakiyarsa da walwala. A 1:100 ya koma 2.25, alhali lamba mai gurbi uku a tsayin 2.5 tana cin faɗin milimita biyar ko fiye, don haka dole ta fito waje. Shi ya sa a shafin `Fit` ake barin zaɓin `Either text or arrows (best fit)`, a kuma zaɓi `Over dimension line, with leader` idan ana so ɗan layi ya nuna inda lambar ta fito. A 1:200 kuwa bangon bai fi milimita ɗaya da kaɗan ba, kuma babu mai neman kaurin bango a zanen fili. Rubutu yana riƙe girmansa, ginin ne ke ƙanƙancewa a ƙarƙashinsa, saboda haka duk lokacin da sikeli ya yi nisa dole a rage yawan abin da ake faɗa. Wannan hukunci na mai zane ne, manhaja ba za ta yanke masa ba.

Shi ya sa nake ba da shawarar a bar `ANNOAUTOSCALE` a kashe. Idan yana kunne, duk sanda aka canza sikeli, ko da don a leƙa ne kawai, sai ya liƙa wa rubuce-rubucen fayil ɗin wannan sabon sikelin. Bayan mako guda kowane awo yana ɗauke da sikeli shida ko bakwai, fayil ya yi nauyi, kuma komai yana bayyana a kowace taga. Alamarsa ita ce idan ka danna awo ɗaya sai ka ga inuwoyinsa manya da ƙanana sun taso a bayansa. Lamba mai alamar ragi, kamar -4, tana nufin a kashe yake.

Akwai kuma maganar kulle taga. Bayan an sa wa taga sikelinta, a danna ɗan kwaɗon da ke ƙasan allo. In ba haka ba, wata rana za a shiga cikin tagar a murza linzami don a duba wani abu, sikelin ya koma wani abu kamar 1:87, rubutu kuwa yana nan da lissafin 1:100, sai ya fito da girman da ba a nema ba, awon rula ma ya daina dacewa da zanen.

Tsohon fayil da aka riga aka cika da awo ba ya gyaruwa da danna `Annotative` a salo kawai, domin abubuwan da aka riga aka zana ba sa bin sabon saitin da kansu. Sai an sa sikelin da ya dace, a zaɓe su, a rubuta `ANNOUPDATE`. Masu safiyo kuma, da duk wanda ke zane da mita maimakon milimita, su lura cewa sikelin 1:500 na yau da kullum yana ɗauka cewa takarda da zane ma'auninsu ɗaya ne. Ga mai zane da mita, milimita ɗaya a takarda rabin mita ce a fili, don haka sai ya shiga `SCALELISTEDIT` ya ƙirƙiri nasa, ya sa 1 a `Paper units`, 0.5 a `Drawing units`. Idan bai yi haka ba rubutunsa zai ninka girman da ake so sau dubu.

Duk wannan ƙoƙari yana iya rushewa a shagon buga takardu. Lissafin 2.5 yana tsayawa ne kawai idan an buga `Layout` a 1:1 a kan takardar da aka tsara shi dominta. Abin da ya fi faruwa shi ne a tsara zane a A1, mai girman milimita 594 a 841, a je bugawa a ga kuɗin ya yi yawa, a ce a mayar da shi A3. A3 rabin A1 ce a tsawo da faɗi, don haka 2.5 ya zama 1.25, kuma 1:100 da aka rubuta a ƙasan zanen ya zama ƙarya, tunda yanzu 1:200 ne. Babu saitin da zai ceci wannan, domin ragewar ta faru ne bayan manhajar ta gama aikinta. Wanda ya san zanensa a A3 zai ƙare ya tsara shi a A3 tun farko. Idan kuma dole ne zane ɗaya ya fita a duka biyun, to mafi ƙanƙantar rubutu a A1 ya zama 3.5, wanda zai koma 1.75, ko ma 5 idan wuri ya bari. Haka nan idan PDF aka kai, a gaya wa mai shago ya zaɓi `Actual size`, kada ya zaɓi `Fit`, wanda kan ɗan tsuke shafin don ya shiga cikin iyakar firinta.

Kai da za ka miƙa zane ga magini, ka buga shafi ɗaya na gwaji ka ɗora masa rula kafin ka biya kuɗin sauran. Bangon 12000 a tagar 1:100 ya ba ka milimita 120 cif, lambar da ke kansa ta ba ka biyu da rabi, lambar da ke kan fandisho a tagar 1:20 ita ma biyu da rabi. Idan bangon ne ya gaza, ka duba kwaɗon taga da saitin bugawa. Idan bango ya cika amma lamba ta saɓa, ka koma `STYLE` ka nemi sifirin nan.